Mutum Ya Sha Ƙwayar Barci Ta Yi Masa Yawa: Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Min

Aikin jinya nake yi, kuma mafi yawan shekaruna a ɗakin taimakon gaggawa na yi su, wato imajensi. Tambayoyin nan da na tattaro ba daga littafi na ɗebo su ba, su ne dai waɗanda 'yan rakiyar mara lafiya suke min a bakin ƙofa, wasu kuma a majalisa idan aka ji aikina. Maganar babban mutum nake yi a nan. Idan ƙaramin yaro ne ya haɗiyi ƙwayar, babu wani dube-dube, a ɗauke shi sai asibiti ko da yana wasa.

Wai waɗanne magunguna ake nufi?

Duk wanda aikinsa shi ne ya rage wa ƙwaƙwalwa gudu. Akwai diyazefam, shi ne baliyam, 'yan unguwa kuma suna ce masa D5. Akwai bromazefam da ake rubuta wa masu fargaba da rashin barci, akwai rafanol wanda aka fi sani da roci, sai fenobabiton na masu farfaɗiya. Kodin da tiramol asalinsu ba maganin barci ba ne, na tari ne da na ciwo, amma dole in sako su saboda da wuya ka ga an kawo mana saurayi da abu ɗaya a cikinsa, kusan kullum haɗi ne. Gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018, to amma mu da muke karɓar mutane da tsakar dare mun san bai ƙare ba.

Kuma kar a ɗauka 'yan shaye-shaye kaɗai abin yake samu. Dattijuwar da ta manta ta sha na dare ta sake sha, da matar da damuwa ta ishe ta ta juye katin gaba ɗaya, da wanda aka zuba masa a lemo bai sani ba, duk suna zuwa.

Me ƙwayar take yi har ta kai ga kisa? Ba barci ne kawai ba?

Numfashin da kake yi kana barci ba kai kake tuna shi ba, akwai wani waje a ƙasan ƙwaƙwalwa da yake ba ƙirji umarni. Waɗannan magunguna suna danne wannan wajen, sai numfashi ya yi ta raguwa. Bayan haka naman maƙogwaro yana saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska, musamman idan mutum a rigingine yake. Na uku kuma, tarin nan da yake taso maka idan ka ƙware shi ma yana mutuwa, to idan amai ya taso babu abin da zai hana shi gangarawa huhu.

Diyazefam shi kaɗai a jikin matashi mai lafiya ba kasafai yake kisa ba, gaskiya ce wannan, kuma ita ce take yaudarar mutane. Da zarar an haɗa shi da giya ko kodin ko tiramol lissafin ya canza gaba ɗaya, don kowanne yana danne numfashi ta tasa hanyar.

To ta yaya zan bambance mai barci da wanda yake cikin haɗari?

Ka tashe shi. Mai barci komai nauyin barcinsa yana tashi. Kira sunansa da ƙarfi kusa da kunne, ka girgiza kafaɗarsa. Idan shiru, kama naman da ke tsakanin wuyansa da kafaɗa ka matse sosai yadda kai ma da kai aka yi wa sai ka yi ƙara. Sai ka lura da abin da ya yi.

Idan ya buɗe ido ya yi maka magana mai ma'ana, ya san inda yake, kuma ya iya zama a farke kuna hira, wannan da sauƙi, amma ba a barin sa shi kaɗai. Idan ya buɗe ido ya yi gunaguni ya koma nan take, kafin ka gama tambayar ya sake nutsewa, wannan na asibiti ne. Idan kuwa nishi kawai ya yi ko ko motsi babu, ka daina tambayar kowa shawara, a nemo mota.

Kafin mutum ya kai nan yawanci akwai alamun farko da ake gani ana dariya: magana tana jan harshe kamar bakinsa cike da tuwo, tafiya da tangaɗi yana dafa bango, fatar ido tana sauka, kai yana faɗuwa kan ƙirji a tsakiyar zance, ya tambaye ka abu sau uku. Wani ma maimakon ya lafa sai ya hau rigima da zage-zage na ɗan lokaci, musamman tsofaffi, sannan ya zube.

Yana ta minshari, ai alama ce yana lafiya ko?

Wannan tambayar ita ta fi ci min rai, don ita ce ta fi kai mutane kabari. Bari in ba ku wani da na karɓa, ba zan faɗi gari ko asibiti ba.

Saurayi ne ɗan shekara 24 haka, suna kwana a shago ɗaya da abokansa uku. Wajen ƙarfe 10 na dare ya sha kwalbar maganin tari ya bi ta da roci. Ƙarfe 11 ya kwanta a rigingine kan katifa, abokan suna kallon ƙwallo a waya. Zuwa 12 ya fara wani irin minshari mai ƙarfi, har ɗayansu ya ɗauke shi bidiyo don su tsokane shi da safe. Wannan bidiyon na kalla da idona, kuma duk abin da ake nema yana ciki: zai ja iska da ƙara kamar ana tsotsar ragowar koko da tsinke, sai ya yi tsit, na ƙirga daƙiƙa 15 ƙirjin bai motsa ba, sannan ya fizgo wata. Su a wajensu "ya yi mankas ne, a bar shi ya huce". Sai da aka kira assalatu ɗaya ya tashi ya haska shi da fitilar waya ya ga amai a gefen bakinsa, laɓɓansa sun yi toka-toka, sannan suka sa shi a adaidaita sahu.

Da suka iso numfashinsa 6 ne a minti. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura. Muka buɗe hanyar iska, muka zuƙe aman, muka sa oksijin muna matsa masa iska da jaka, aka yi masa allurar nalokson mai karya kodin. Cikin 'yan mintuna numfashin ya ɗago. Ya rayu, amma aman da ya shiga huhu ya zame masa nimoniya, ya yi sama da mako a kwance, kuma hannun da ya danne duk dare ya daɗe bai dawo daidai ba. Da tun ƙarfe 12 ɗin nan aka juya shi gefe aka kawo shi, da wataƙila washegari ya koma gida.

Minsharin lafiya yana tafiya a jere, kuma idan ka taɓa mai shi zai juya ya gyara kwanciya. Wanda yake da kakari, da ƙarar ruwa a maƙoshi, da dogon shiru a tsakani, kuma mai shi ba ya tashi, wannan hanyar iska ce take rufewa.

Yaya ake ƙirga numfashin?

Buɗe agogon wayarka, ɗora tafin hannu a kan ƙirjinsa ko saman cikinsa, in da babbar riga ko bargo a janye. Ɗagowa da sauka ɗaya ke nan. Ƙirga minti guda cif, kar ka yi rabi ka ninka, saboda irin wannan numfashin ba ya tafiya daidai, zai iya yin huɗu a jere ya tsaya.

Babban mutum a kwance yana yin 12 zuwa 20 a minti. Ƙasa da 12 ga wanda ya sha ƙwaya, a tafi asibiti. Idan ya kai 8 ko ƙasa, ko yana tsayawa daƙiƙa 10 ba motsi, kowane minti yana da tsada. Kuma ba yawan kaɗai ake dubawa ba, wani zai ba ka 14 amma sama-sama ne, da ƙyar kake jin ƙirjin yana ɗagawa, shi ma bai isa ba.

An ce laɓɓa suna yin shuɗi. Mu da muke baƙaƙe fa?

A fatarmu shuɗin ba ya fitowa yadda ake zana shi. Abin da za ka gani shi ne laɓɓa sun dusashe sun yi kalar toka. Ja leɓen ƙasa ka duba cikinsa da dasashi da ƙasan harshe, wajen da ya kamata ya zama ja-ja, sannan ka duba farce. Da fitila mai farin haske, ba a duhun shago ba. Jiki kuma yakan yi sanyi da danshi, gaɓoɓi su saki, ka ɗaga hannunsa ya faɗi kamar tsumma.

Wani abu da yake rikita mutane: roci yana da shuɗin rini a cikinsa, wanda ya tsotse shi harshensa yakan rine. Wannan rinin a saman harshe yake kamar na alawa, yana gaya maka abin da ya sha ne kawai. Amma kar ka jira sai kala ta canza kafin ka motsa, tana cikin alamun da suke zuwa a makare.

Idon fa, me zan duba?

Ɗaga fatar idon ka kalli ɗigon tsakiya. Idan ya tsuke ƙwarai ko a wajen da ba haske sosai, akwai yiwuwar kodin ko danginsa a ciki, kuma ka gaya wa ma'aikatan asibiti don yana da allurar da take karya shi. Idan bai tsuke ba wannan ba ya wanke mutum, diyazefam ba ya tsuke ido haka, tiramol ma ba kullum ba. Idan ɗaya ya fi ɗaya girma a fili, ka yi tunanin buguwar kai ko shanyewar ɓarin jiki.

To a wane hali ne ba a jira ko kaɗan?

Idan ba ya tashi ko ba ya iya zama a farke. Idan numfashi ya yi ƙasa da 12, ko yana yankewa, ko akwai kakari. Idan laɓɓa sun yi toka. Idan ya yi amai alhali bai farka sosai ba. Idan ya yi jijjiga, wanda tiramol ya shahara da kawowa. Idan ya faɗi ya bugu a kai.

Akwai kuma waɗanda ko suna zaune suna magana da kai lafiya lau sai an kai su: wanda ya haɗa da giya ko wata ƙwaya, wanda ba a san me ya sha ko nawa ba, tsoho, mai asma ko ciwon huhu ko hanta ko ƙoda, mai juna biyu, wanda ya sha fenobabiton fiye da ƙa'ida don shi tazarar da ke tsakanin magani da guba a wajensa kaɗan ce, da duk wanda ya sha da niyyar cutar da kansa ko da guda nawa ne. Dalili shi ne ƙwayar da ke ciki ba ta gama narkewa ba, wanda kake gani yanzu ba shi ne na bayan awa biyu ba. Sannan idan akwai farasitamol a cikin abin da ya haɗiya, yana iya kwana lafiya, sai bayan kwana biyu ko uku alamar lalacewar hanta ta fito.

A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, haka a Gana, a Nijar kuma 15 ko 18. Ka kira, amma mu faɗa wa juna gaskiya, a garuruwa da yawa motar maƙwabci ko adaidaita sahu ta fi saurin zuwa. Wani ya kira, wani ya nemo abin hawa. Kuma asibitin da yake da oksijin za a nufa, ba kemis ɗin bakin layi ba.

Kafin mota ta zo me zan yi da hannuna?

Idan yana numfashi, kwantar da shi a gefe. Durƙusa kusa da shi, miƙe hannunsa na wajenka, ɗauko ɗaya hannun ka sa bayansa a ƙarƙashin kumatunsa, lanƙwasa gwiwar da ke nesa da kai ka jawo ta wajenka, zai juyo da sauƙi ko da ya fi ka jiki. Sai ka ɗan ɗaga haɓarsa, bakin ya kalli ƙasa yadda in amai ya zo zai zubo waje. Cire filo, sassauta wuyan riga, rufa masa mayafi in jikin ya yi sanyi. Ka zauna a nan kana sake ƙirga numfashi duk bayan 'yan mintuna.

A cikin mota ma haka. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a zaunar da mutum a tsakiyar mutum biyu kansa ya faɗo kan ƙirji, ko a ɗora shi a babur a matse shi ta baya. Wannan zaman da kansa yana shaƙe shi. A kwantar da shi a gefe a kujerar baya, wani ya riƙe kan.

Idan numfashin ya tsaya, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi kamar kifin da aka fitar daga ruwa, mayar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In ka iya, bayan kowane 30 ka ɗaga haɓa ka toshe hanci ka hura masa iska sau 2, don a irin wannan matsalar rashin iska ne tushen abin. Mai jijjiga kuma ba a danne shi, ba a sa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai buge shi, in ta lafa a juya shi gefe.

Madara fa, ko manja, ko ruwan tsamiya? An ce suna karya ƙwaya.

Ba sa karyawa. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, uwa ba za ta iya tsayawa tana kallo ba, amma wanda bai farka ba ba ya iya haɗiya, duk abin da aka ɗura masa rabi huhu yake tafiya, kuma manja a huhu bala'i ne na daban. Na sha karɓar wanda ƙwayar da ya sha ba za ta yi masa komai ba, madarar da aka ɗura ce ta kwantar da shi. Haka sa yatsa a maƙoshi ko ba da ruwan gishiri don ya yi amai, shi ma haɗari ne. Ko ruwan rubutu ne a dakata da shi sai ya farka, addu'a kuwa a yi ta a hanya, ba ta hana tafiya.

Sheƙa masa ruwan sanyi, mari, kama shi ana zagaye tsakar gida da shi, shayi mai kauri, babu wanda yake fitar da maganin daga jini. Zai iya buɗe ido na daƙiƙa biyar kowa ya ce alhamdu lillahi, a watse, ya koma inda yake.

Idan ba ƙwaya ba ce fa?

Yana faruwa sosai, shi ya sa ba na son a yanke hukunci a gida. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi kamar wanda ya bugu yake. Haka zubar jini a ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da hayaƙin janareta idan an kwana da shi a kusa, musamman in ka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya duk sun kasa tashi. Kasancewar an san yaro da shaye-shaye ba ya hana shi kamuwa da waɗannan.

Me zan tafi da shi, kuma me za a yi masa a can?

Kwashe duk katin magani da kwalba da ka gani a ɗakin, har wanda ba komai a ciki, har na kwandon shara. Ka tuna lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Kuma don Allah a faɗi gaskiya. Sau da yawa yayan yaro zai ce min "wallahi sista ba ya shan komai", abokin yana bayansa yana kallon ƙasa, sai na ja abokin gefe sannan in ji zance. Mu ba kotu ba ne, sunan ƙwayar muke so don mu san allurar da za mu ɗauko.

A can abin da ya fi yawa tallafi ne: oksijin, buɗe hanyar iska, gwada suga, ƙarin ruwa, sa ido har jiki ya fitar da maganin, in abin ya yi tsanani a sa shi a na'urar numfashi. Nalokson yana karya kodin da danginsa amma ba ya taɓa diyazefam ko giya. Su diyazefam suna da nasu makarin, fulumazenil, sai dai likitoci ba sa gaggawar ba da shi, domin ga wanda ya saba shan ƙwayar kullum ko ya haɗa da tiramol yana iya tayar da jijjiga mai wuyar tsayarwa. Don haka in ba a yi masa "allurar farkarwa" ba, ba sakaci ba ne.

Ya farka bayan allura yana cewa a tafi gida. Mu tafi?

A'a. Ƙarfin nalokson yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, abin da ya sha kuwa yana nan, zai iya sake nutsewa a hanya. Diyazefam da fenobabiton suna kwanaki a jiki. A bari likita ya sallame shi da kansa, kuma ranar ba tuƙi ba hawa babur.

Bayan an dawo gida, mu ƙwace ƙwayoyin gaba ɗaya?

A ɗauke su daga ɗakinsa, e, wani babba ya riƙe. Amma idan mutum ya yi watanni yana shan diyazefam ko roci kullum, yanke masa rana ɗaya yana iya kawo rawar jiki, rashin barci, ruɗewa har da jijjiga, don haka likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa a hankali. Mai farfaɗiya ma kar a tsayar masa da fenobabiton saboda tsoro.

Idan kuma akwai zargin da gangan ya sha, wanda ya fi sakin jiki da shi a gidan, ko yaya ko ƙanwar uwa, ya zauna da shi su biyu ya tambaye shi kai tsaye ko ya yi niyyar kashe kansa ne. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, yawanci ma sauƙi take kawo masa. Ba ranar faɗa da gori ba ce. A gaya wa likita kafin sallama don a haɗa shi da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, a kulle sauran magungunan gidan da fiya-fiya da maganin ɓera, kuma kwanakin farko wani ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da shi.